Maki 70 a Ajin A, Maki 67 a Ajin B: Wa Ya Fi Wani?

A manyan makarantun sakandarenmu da wuya ka samu aji ɗaya tilo a mataki guda. SS2 kaɗai sai ka tarar an raba shi A, B, C, wani lokaci har zuwa F, kowane da ɗalibai sittin ko fiye. Malami ɗaya ba zai iya ɗaukar darasin Bayoloji a dukkansu ba, don haka sai a raba wa mutum biyu ko uku. Kowannensu shi zai koyar, shi zai shirya gwajinsa, shi zai duba takardun, shi zai rubuta maki. A ƙarshen zango kuma a tattara makin nan duka a jera su a takarda ɗaya, a fitar da na ɗaya da na biyu, a ware waɗanda za su wuce aji na gaba, a zaɓi waɗanda za a ba kyauta ranar yaye ɗalibai ko a tura gasa. Duk wannan ana yinsa ne bisa zaton cewa maki 70 na malamin A daidai yake da maki 70 na malamin B.

Ɗalibai sun san ba haka ba ne. Tun makon farko sun san wane malami ne hannunsa a sake yake, wane ne kuma mai rowar maki. Iyaye ne ba su sani ba, domin katin sakamako lamba kawai yake nunawa, ba ya faɗin hannun da ya rubuta ta. Wanda ya taɓa awon hatsi a kasuwannin ƙauye ya san tiyar wannan gari ba ita ce tiyar wancan ba, kuma kafin ya ce wane ya fi wane arha sai ya juye su a kwano ɗaya. Daidaita maki shi ne neman wannan kwano ɗaya a makaranta.

Bambancin hannun malamai ba sabon abu ba ne, kuma ba a ƙasar nan kaɗai yake ba. A 1912 wasu masana biyu a Amurka, Daniel Starch da Edward Elliott, sun kwafi takardun jarrabawar Turanci na ɗalibai biyu suka aika wa malaman sakandare daban-daban, malamai 142 suka duba. Takarda ɗaya ta samu maki daga 64 zuwa 98, ɗayar kuma daga 50 zuwa 97. Takarda ɗaya ce, amsa ɗaya ce, amma wani ya kayar da yaron, wani ya kai shi kusa da ɗari. Da aka ce ai Turanci ne, dole ra'ayi ya shiga, sai suka maimaita da takardar Lissafi a shekarar da ta biyo baya, kuma tazarar ba ta ragu ba. Malaman nan ba mugaye ba ne, ba kuma jahilai ba. Kowannensu yana da nasa ma'aunin a ransa: wannan yana ba da maki don hanyar da aka bi ko da amsar ƙarshe ta kuskure, wancan amsar ƙarshe kawai yake kallo, na uku kuma rubutu mai tsabta yana sanyaya masa zuciya.

Abin da ya fi wuya a wannan aiki, wanda kuma nan ne makarantu da yawa ke ɓata rawarsu, shi ne wannan: idan matsakaicin makin ajin A ya fi na ajin B, dalili biyu ne za su iya jawo hakan. Ko dai malamin A ya fi sakin hannu, ko kuma yaran A sun fi ƙoƙari da gaske. Duban makin kaɗai ba zai taɓa gaya maka wanne ne daga cikin biyun ba. Shugaban makarantar da ya ga bambanci ya ce a ɗaga na ƙasa a sauke na sama har kowa ya zo daidai, ya yanke hukunci ke nan cewa azuzuwan duka ƙarfinsu ɗaya, alhali ba shi da hujjar haka. A makarantun da ake zuba masu ƙoƙari a ajin A tun daga farko, wannan gyara zalunci ne tsagwaronsa. Ana buƙatar wani abu na uku da duk yaran suka yi tare, aka kuma duba shi da hannu ɗaya. A makaranta, wannan abu shi ne jarrabawar ƙarshen zango ta bai ɗaya.

Don haka aikin yana farawa tun kafin a zo kan lambobi. Malaman da ke koyar da darasin a mataki ɗaya su zauna tun tsakiyar zango su tabbatar da iya inda kowa ya kai a manhaja, sannan su shirya takardar tambayoyi ɗaya. Kada a bar wa mutum ɗaya, domin ko bai yi niyya ba, tambayoyinsa za su bi misalan da ya saba bayarwa a ajinsa, yaransa su samu fifiko. Kowa ya kawo tambayoyi, shugaban sashe ya zaɓa, kuma shi kaɗai ya san waɗanda suka shiga. Azuzuwan duka su rubuta a rana ɗaya, sa'a ɗaya. Idan ɗakuna sun ba da dama a gauraya yaran wajen zama, malami kuma kada ya tsare ajin da yake koyarwa.

Sai tsarin ba da maki, wato takardar da ke cewa ga amsar da ake so, ga makin kowane ɓangare nata. Mutane suna ɗauka da zarar an rubuta wannan takarda magana ta ƙare. Ba ta ƙarewa sai an gwada ta a kan amsoshin yara na gaske. Ɗauki tambaya mai maki shida: a bayyana yadda tsiro ke haɗa abincinsa. Tsarin ya ce maki ɗaya-ɗaya ga hasken rana, ruwa, iskar kabon, koren sinadarin ganye, sukarin da ake samarwa, da iskar oksijin da ke fita. A takarda babu abin musu. To ga yarinya ta rubuta cewa tsiro yana amfani da iska, ba ta faɗi wace iska ba. Ga yaro ya kawo sunan koren sinadarin amma ya ɓata harafi biyu. Ga wani bai rubuta jimla ko ɗaya ba, ya zana ganye da kibiyoyi masu shiga da masu fita, kuma zanen daidai yake. Wani kuma ya jera duka shidan amma ya ce da dare abin ke faruwa. Malamai uku za su ba waɗannan amsoshi maki uku daban-daban, kowannensu kuma yana da hujjarsa. Idan bambancin maki ɗaya ne a kowace tambaya, a takarda mai tambayoyi goma ya zama maki goma, wato tazarar da ke tsakanin cin jarrabawa da faɗuwa.

Maganin wannan shi ne zaman awa ɗaya ko biyu kafin kowa ya taɓa jan biro. A zaro takardu biyar ko shida, mai kyau da matsakaiciya da mai rauni, a rufe sunayen, a yi musu hoto, a ba kowane malami kwafi. Kowa ya duba shi kaɗai, ba tare da leƙen na kusa ba, sannan a rubuta makin a allo tambaya bayan tambaya. Inda aka saɓa a tsaya a tattauna. Za ka ji ɗaya yana cewa, “Malam, ai yarinyar nan ta gane, kalmar ce ta kuɓuce mata,” ɗayan ya amsa, “Malama, in mun ba ta a nan, wa zai ba ta a WAEC?” Ba lallai ne a gano wanda ya fi gaskiya ba. Abin da ake nema shi ne a tsayar da magana ɗaya, a rubuta ta a gefen tsarin da biro: iska kawai ba maki, kuskuren harafi da bai canza ma'ana ba a ba da maki, zane mai cikakken bayani a karɓa. Daga nan hukuncin ya hau kan yaran duka.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga duk malamin da ya taɓa duba takardun WAEC ko NECO. Kafin a raba wa masu dubawa takardu, manyan masu dubawa da shugabannin rukuni suna zama su kammala tsarin ba da maki, sannan a tara sauran malamai kowa ya gwada hannunsa a kan kwafin takardu iri ɗaya har a ga makinsu ya kusanci juna. Bayan an fara aiki kuma shugaban rukuni yana zarar wasu daga takardun da kowa ya duba ya sake bi. Abin mamaki shi ne malaman da suka san wannan tsari sarai, suka kuma yarda da shi, su ne ke komawa makarantunsu kowa ya ɗauki tulin takardunsa ya tafi gida da shi.

Akwai wata dabara da na fi so fiye da kowace, domin ba ta cin ko sisi. Maimakon a raba takardu aji-aji, a raba su tambaya-tambaya. Malamin A ya duba tambaya ta ɗaya da ta biyu a takardun azuzuwan duka, malamin B ya ɗauki ta uku da ta huɗu, na C ya ɗauki sauran. Mai rowa yana nan da rowarsa, mai sakin hannu yana nan da halinsa, amma yanzu kowane yaro ya ratsa ta hannun dukkansu, don haka ba wanda ya ci riba ba wanda ya yi asara. Aikin ma ya fi sauri, domin wanda ya duba tambaya ɗaya sau ɗari da tamanin ya haddace ta. Sharaɗinta ɗaya ne: idan akwai zaɓi a tambayoyin, kamar a amsa uku cikin biyar, yaron da ya zaɓi tambayoyin mai rowa zai cutu. A irin wannan hali a tabbatar da akwai sashen dole da kowa zai amsa, a kuma ba shi kaso mafi girma.

Inda ba a iya yin haka ba, kowa ya duba ajinsa, to shugaban sashe ya zari kamar takardu goma daga hannun kowane malami, daga sama da tsakiya da ƙasa, ya sake dubawa ba tare da kallon makin farko ba. Abin lura a nan shi ne yanayin bambancin, fiye da girmansa. Idan a takardu goman duka makin malamin ya gaza na shugaban sashe da uku ko huɗu, wannan mutum ne mai tsauri amma hannunsa a tsaye yake, kuma gyaransa mai sauƙi ne: a ƙara wa ajin duka. Idan kuwa a wannan takarda ya ɗara da biyar, a waccan ya gaza da shida, a ta uku ya zo daidai, babu lissafin da zai gyara shi, sai dai a sake duba takardun ajin daga farko. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a gyara makin takardu goman da aka zara a bar sauran hamsin yadda suke. Waɗannan goman samfuri ne kawai. Gyara su su kaɗai ƙirƙiro sabon rashin adalci ne a cikin aji ɗaya.

Duk wannan a kan jarrabawa ne. Saura makin CA, wato abin da ake tarawa cikin zango daga gwaje-gwaje da aikin gida da duba littafin rubutu, wanda a makarantu da yawa yake ɗaukar maki 30 ko 40 cikin ɗari. A nan ne hannun malami ya fi yin tasiri, domin kowa da irin gwajinsa, kuma takardun sun daɗe da komawa hannun yara. Ba za a iya sake dubawa ba. Abin da za a iya yi shi ne a auna shi da jarrabawar bai ɗaya. Bari mu bi misali ɗaya daki-daki. Lambobin na misali ne, amma duk wanda ya taɓa haɗa sakamako zai gane su.

Azuzuwa uku ne, yawan yaransu kusan ɗaya, CA maki 40, jarrabawa maki 60. Matsakaicin CA a ajin A ya kama 33, a ajin B 25, a ajin C 23. Wanda ya kalli wannan zai ce malamin A ya yi rabon maki, na B da na C kuma duk masu tsauri ne. Sai aka duba jarrabawar bai ɗaya: A ya samu matsakaicin 33 cikin 60, B ya samu 39, C ya samu 27. Don a iya kwatantawa sai a mayar da waɗannan bisa 40, wato a ɗauki kashi biyu cikin uku na kowanne: A ya zama 22, B ya zama 26, C ya zama 18.

Kada a yi gaggawar cewa kowa ya yi sakin hannu don CA ya fi jarrabawa. Haka abin yake kusan ko'ina, domin gwajin cikin zango ɗan yanki ne na karatu, aikin gida kuma ana yinsa da littafi a buɗe. Abin da za a nema shi ne tazarar makarantar gaba ɗaya. Matsakaicin CA na azuzuwan uku 27 ne, na jarrabawa kuma 22, don haka tazarar da aka saba ita ce maki 5. Idan aka ɗora wannan biyar a kan abin da kowane aji ya nuna a jarrabawa, za a ga inda ya kamata CA ɗinsa ya tsaya: A a kan 27, B a kan 31, C a kan 23.

Yanzu hoton ya sauya. Malamin A ya ba da 33 inda ya kamata a ga 27, ya ɗara da shida. Malamin B ya ba da 25 inda ya kamata a ga 31, ya tauye yaransa da shida. Malamin C kuwa, wanda da farko aka sa shi a sahun masu rowa, makinsa daidai yake, yaransa ne ke da rauni. Da an bi hanyar nan ta mayar da kowa kan 27, da an ƙara wa ajin C maki huɗu da bai yi aikinsu ba, an ba ajin B biyu kacal alhali shida yake bi, sannan an binne labarin da ya fi kowanne muhimmanci ga makarantar, wato cewa ajin C yana buƙatar taimako tun kafin ya shiga SS3.

Ga yadda abin yake sauka a kan yara biyu. Wata yarinya a ajin A tana da CA 34 da jarrabawa 36, jimla 70. Wani yaro a ajin B yana da CA 27 da jarrabawa 40, jimla 67. A takardar farko ita ce a gaba. Bayan daidaitawa nata ya koma 28 da 36, wato 64, nasa ya koma 33 da 40, wato 73. Yarinyar ba ta yi laifin komai ba, kuma za ta ji zafin abin, wannan gaskiya ne. Amma yaron ma bai yi laifin komai ba lokacin da aka sa shi a bayanta saboda ajin da aka rubuta sunansa a ciki ranar da ya shigo makaranta. A lura kuma da abin da gyaran bai taɓa ba: jerin yaran a cikin ajinsu. Wanda malamin A ya sa a gaba a CA yana nan a gaba, wanda ya sa a baya yana nan a baya. Malamin ya fi kowa sanin yaransa, kuma ba a ƙwace masa wannan ba. Abin da ba zai iya sani ba shi ne yadda ma'auninsa yake idan aka jera shi da na abokin aikinsa, kuma iya nan gyaran ya tsaya. A kan wannan tushe ne hukumomin jarrabawa a jihar Victoria ta Ostareliya da kuma Afirka ta Kudu suke daidaita makin da makarantu ke aiko musu: su auna shi da abin da ɗaliban makarantar suka yi a jarrabawar gama-gari, su matsar da makin rukunin, su bar jerin yadda malamai suka tsara shi.

Akwai matsala ta biyu da ragi ko ƙari ba ya warwarewa. Malami mai sakin hannu yawanci yana cusa yaransa duka a wuri ɗaya. A ce a ajin A ba wanda ya gaza 30, ba wanda ya wuce 37. Bayan an cire shida sun koma tsakanin 24 da 31, ma'ana yaro mafi hazaƙa a ajin ba zai wuce 31 ba, alhali takwaransa a ajin B yana iya kai wa 38. A nan ana iya buɗe makin: a duba nisan kowane yaro daga matsakaicin ajinsa, a ninka nisan, sannan a ɗora a kan sabon matsakaici. Idan jarrabawa ta nuna cewa bazuwar yaran ta ninka abin da CA ya nuna sau biyu, mai 36, wanda ya ɗara matsakaici da uku, zai koma 27 da shida, wato 33. Mai 30 zai koma 21. Mai aiki da Excel zai samu matsakaici da AVERAGE, girman bazuwa da STDEV, sannan idan makin yaro yana cikin B2 ya rubuta:

```
=27+(B2-33)*2
```

Ni dai ina shawartar a yi taka-tsantsan da wannan mataki na biyu. Idan malami ya cusa yara sittin a cikin maki bakwai, bambancin da ke tsakaninsu sau da yawa ba na ilimi ba ne: wannan ya samu ƙarin maki ɗaya don littafinsa yana da bango, wancan ya rasa ɗaya don ya makara kawo aiki. Ninka wannan sau biyu ƙara wa abin da ba shi da tushe nauyi ne. Inda cunkoson ya yi tsanani haka, ya fi kyau a tsaya a kan matsar da matsakaici, a kuma zauna da malamin kafin zango na gaba a duba irin gwajin da yake bayarwa. A ɗaya gefen kuma, ƙarin maki shida a ajin B zai kai mai 37 zuwa 43, abin da ba zai yiwu ba. Dole a tsayar da shi a 40, kuma a san cewa yara biyu ko uku na sama za su haɗu a maki ɗaya.

Lissafin nan duka yana rataye ne a kan amincin jarrabawar bai ɗaya. Idan tambayoyi sun fita ga aji ɗaya, ko mai tsaron wani ɗaki ya kau da kai aka yi ta kwafa, matsakaicin wannan aji zai kumbura, lissafi kuma zai ce malaminsu mai rowa ne a ƙara musu CA. Sun ci riba sau biyu ke nan. Ana gane wannan idan aka duba tambaya-tambaya: ajin da bai saba fice ba ya cinye tambaya mafi wuya, ko aka ga kuskure iri ɗaya, da kalmomi iri ɗaya, a takardun yaran da suka zauna kusa da juna. Haka nan idan malamin wani aji ya yi jinya ko ya tafi hutun haihuwa makonnin ƙarshe ba a samu mai riƙe masa ba, yaran za su faɗi a tambayoyin da ba a koya musu ba, kuma rage musu CA a kan haka hukunta su ne sau biyu. A irin wannan hali a yi awon da tambayoyin da kowane aji ya karanta kawai. Yaran da ba su rubuta jarrabawa ba a cire su daga lissafin matsakaici ta ɓangarorin biyu, kada a sa musu sifili ya ja ajin ƙasa.

Yawan yara ma yana da tasiri. A aji mai sittin, yaro ɗaya da zazzaɓi ya kama ranar jarrabawa ba zai motsa matsakaici ba. A aji mai takwas, kamar yadda ake samu a darussan zaɓi, zai iya jan kowa ƙasa. A ƙananan azuzuwa gara a ajiye lissafi a koma ga duba ayyukan yaran da ido. Kuma ba kowane bambanci ne ya cancanci gyara ba. Ni a ganina tazarar da ba ta kai maki biyu cikin arba'in ba a ƙyale ta, domin ko malami ɗaya ne ya koyar da azuzuwan ana iya samun irinta.

Abu ɗaya da bai kamata a yi awo da shi ba shi ne tarihin aji, wato a ce ai ajin C kullum su ne a baya, don haka bana ma haka za su kasance. Ingila ta gwada irin wannan a 2020, lokacin da annobar korona ta hana rubuta jarrabawar kammala sakandare. Hukumar Ofqual ta karɓi makin da malamai suka ƙiyasta, ta daidaita shi da sakamakon da kowace makaranta ta saba samu a shekarun baya, aka sauke kusan kashi 40 cikin ɗari na makin. Yara masu hazaƙa a makarantun da ba su saba fice ba su ne abin ya fi yi wa ciwo, kuma cikin 'yan kwanaki gwamnati ta janye tsarin. Sun rasa jarrabawar bai ɗaya, sai suka maye gurbinta da aikin wasu yaran da suka riga suka wuce. Ma'aunin dole ya zama aikin waɗannan yara, a wannan zango.

Sauran abin da ya rage na mu'amala ne, kuma shi ya fi kayar da tsarin a makarantu. Malamin da aka rage makin ajinsa yana jin an ce bai iya aikinsa ba, ko an zarge shi da neman suna wurin yara. Shi ya sa dole a amince da ƙa'idar tun farkon shekara a taron malamai, kafin kowa ya san ko ragi zai samu ko ƙari, a rubuta ta, a kuma sanar da ɗalibai da iyaye a taron PTA cewa makin CA da yaro ya gani a takardarsa na wucin gadi ne har sai an daidaita. A ajiye makin asali a shafi ɗaya, wanda aka daidaita a shafi na kusa, da sa hannun shugaban sashe, ta yadda uban da ya zo da tambaya za a buɗe masa ya ga cewa abin da aka cire wa 'yarsa shi aka cire wa kowa a ajin. Gyaran da aka yi a ɓoye, ko wanda ya taɓa yaro ɗaya ya tsallake na kusa da shi, ba daidaitawa ba ne, kuma ta wannan ƙofa ce alfarma ke shigowa.

Makarantar da ba ta samu damar yin jarrabawar bai ɗaya a wani zango ba, kowane malami ya shirya tasa ya duba, ba ta da abin da za ta yi awo da shi, kuma kada ta ƙirƙiro lissafi don cike gurbin. Ta fitar da matsayin kowane yaro a cikin ajinsa kawai, ta rubuta matsakaicin ajin a gefen makinsa a katin sakamako. Idan kuma akwai kyauta ko gurbin gasa da dole a zaɓi mutum ɗaya daga azuzuwan duka, ta ɗauko biyar na sama daga kowane aji ta ba su gwaji ɗaya na awa guda, malaman su duba shi tambaya-tambaya.